Suga a Jini, Ɓarna a Jijiya: Magungunan da Ke Kare Zuciyar Mai Ciwon Suga

A ɗauki misalin wani magidanci ɗan shekara 58, mai shagon atamfa, wanda ya shekara tara yana fama da ciwon suga. Bai taɓa wasa da maganinsa ba. Kowace safiya sai ya soki yatsa ya ɗiga jini a 'yar na'urar gwaji, idan ya ga lambar ta sauka ya yi hamdala ya kama hanyar kasuwa. Amma 'yan watannin nan, idan ya fito zuwa masallacin unguwa, kafin ya kai sai sha-raɓarsa ta hagu ta ɗaure kamar an matse ta da igiya. Sai ya tsaya a gindin wani kanti kamar mai jiran wani, bayan minti biyu ciwon ya sake shi, ya ci gaba. Shi a ganinsa tsufa ne.

Likitan da ya san aikinsa ba zai ce tsufa ba ne. Ciwon ƙafar da ke zuwa da tafiya ya tafi da hutu alama ce ta cewa jijiyar da ke kai jini ƙafar ta tsuke. Kuma da wuya a ga ta ƙafa ta tsuke alhali na zuciya da na ƙwaƙwalwa suna lafiya lau. Wannan shi ne ɓangaren ciwon suga da 'yar na'urar gida ba ta nunawa, kuma shi ne ya fi kashe masu ciwon. Tun a 1979, masu dogon binciken nan na garin Framingham a Amurka suka ba da rahoton cewa ciwon suga yana ninka haɗarin cututtukan zuciya da jijiyoyin jini kusan sau biyu ga maza, ga mata kuwa kusan sau uku.

Yadda suga ke cin bangon jijiya

Cikin jijiyar jini shafe yake da wani siririn shimfiɗi, kaurinsa ƙwayar halitta ɗaya tak, santsinsa kamar cikin tangaran. Aikin wannan shimfiɗi ya wuce na ado. Shi ne ke fitar da wani sinadari da ke sa jijiya ta saki jiki ta buɗe idan ana buƙatar ƙarin jini, shi ne kuma ke hana jini manne wa bango ya daskare. Muddin yana lafiya, kitsen da ke yawo a jini yakan wuce abinsa.

Suga idan ya yi yawa, halinsa shi ne danƙo. Duk matar da ta taɓa kankare ƙanzo a gindin tukunya, ko mai tsiren da ya ga nama ya yi ja a bakin wuta, ya ga abin da ke faruwa idan suga ya haɗu da sinadarin gina jiki: sukan manne, su canza launi, su taurare. Wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana wannan haɗuwa a 1912. A tukunya abin minti kaɗan ne. A jikin mutum, inda zafin bai wuce digiri 37 ba, shekaru yake ɗauka, amma aikin ɗaya ne. Zaruruwan da ke ba bangon jijiya laushi sukan sarƙe da juna, jijiyar da a da take kamar sabuwar roba ta koma kamar busasshiyar fata. Shimfiɗin ciki kuma ya rage fitar da sinadarin da ke buɗe ta, ya fara ƙaiƙayi da kumburi.

Gwajin da ake rubutawa HbA1c a takardar asibiti wannan danƙon yake aunawa. Yana duba yawan sugan da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini, kuma da yake ƙwayoyin kan rayu kusan kwana 120, sakamakon yana ba da labarin watanni biyu zuwa uku da suka wuce. Daga kashi 6.5 cikin 100 zuwa sama ana cewa ciwon suga ne. A gwajin safe kafin karin kumallo kuwa iyakar ita ce 7.0 mmol/L, wato 126 mg/dL, ko 1.26 g/L yadda ake rubutawa a asibitocin Nijar.

Da zarar shimfiɗin ya raunana, sai kitse ya samu ƙofa. Kolestarol ɗin da ake rubutawa LDL shi ne mai shiga bango ya zauna. A jikin mai ciwon suga na manya, wanda insulin ba ya aiki sosai a jikinsa, hanta kan zubo maiƙo da yawa cikin jini, ƙwayoyin LDL su zama ƙanana masu nauyi, masu sauƙin kutsawa. Shi ya sa mai suga zai iya ganin lambar kolestarol ɗinsa ba ta yi wani tashi ba, alhali ɓarna na gudana. Idan ƙwayoyin suka shiga bango sai su lalace kamar man da ya yi tsami, fararen ƙwayoyin jini su biyo su don su share, su yi ta haɗiya har su cika su mutu a wurin. Gawarwakinsu da kitsen su taru su zama wani tudu mai ɓawo a sama, kamar maruru a cikin bangon jijiya.

Tudun kan iya girma a hankali ya rage hanya, irin abin da ya samu ƙafar mai shagon atamfa. Ya kan iya kuma fashewa farat ɗaya. A nan ne matsala ta uku take: jinin mai suga yana saurin daskarewa, yana kuma jinkirin narkar da gudan da ya yi. Idan ɓawon ya tsage, cikin mintuna gudan jini ya toshe hanya. In a jijiyar zuciya ne, shi ne bugun zuciyar da ke kayar da mutum. In a ta ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki.

Akwai wani abin tsoro kuma. Suga yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, don haka mai ciwon da ya daɗe zai iya samun bugun zuciya ba tare da ciwon ƙirjin da aka sani ba. Abin da zai ji kawai shi ne haki, gumi mai sanyi, tashin zuciya ko kasala mara dalili, iyali su ce shawara ce ko gyambon ciki. Mai suga da ya ji haka kwatsam, asibiti ya kamata a nufa da shi a yi masa gwajin zuciya a ranar.

Sauke lamba kaɗai bai isa ba

Hankali zai ba mutum cewa tunda suga ne ke ɓarnar, sauke shi zai kare zuciya. Likitoci ma haka suka ɗauka, har sai da aka gwada.

A Birtaniya an fara wani bincike a 1977, wanda aka sani da UKPDS, aka bi sawun mutane sama da 5,000 da aka gano ciwonsu sabo. Da sakamako ya fito a 1998, an ga waɗanda aka matsa wa sugansu sun samu raguwar lalacewar ƙananan jijiyoyi, musamman na ido, da kashi 25 cikin 100. Amma a bugun zuciya raguwar ba ta kai a kafa hujja da ita ba. Sai da aka ƙara shekara goma ana bibiyarsu sannan amfanin ya fito fili: a 2008 aka ga bugun zuciya ya ragu da kashi 15 cikin 100 a cikinsu. Wato kulawar da aka yi a shekarun farko jiki bai manta da ita ba, amma ladan yana jinkirin zuwa.

A wannan shekara ta 2008 kuma aka samu labari mai tayar da hankali daga Amurka da Kanada. Binciken ACCORD ya ɗauki mutane sama da 10,000 da suka daɗe da ciwon, da yawansu jijiyoyinsu sun riga sun taɓu, aka yi ƙoƙarin sauke HbA1c ɗin rabinsu ƙasa da kashi 6 ta hanyar tara magunguna da insulin. Dole aka dakatar da wannan ɓangare kafin lokaci, domin mace-mace sun fi yawa da kusan kashi 22 cikin 100 a cikin waɗanda aka matsa wa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sabon mai ciwo yana amfana da matsa wa suga, amma dattijon da ya shekara ashirin da shi, faɗuwar suga ƙasa ƙwarai kan iya zame masa haɗarin da ya fi ɗan hawansa.

Shekara guda kafin haka, a 2007, wani likitan zuciya a birnin Cleveland, Steven Nissen, ya tattara sakamakon gwaje-gwajen wani magani mai farin jini, rosigilitazon, ya ce da alama yana ƙara haɗarin bugun zuciya duk da yana sauke suga. An yi ta muhawara a kan hujjarsa, kuma Tarayyar Turai ta dakatar da maganin a 2010. Abin da rigimar ta haifar ya fi ta muhimmanci: a ƙarshen 2008 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce duk sabon maganin suga sai an gwada shi a kan dubban mutane an nuna ba ya cutar da zuciya. Kamfanoni suka shiga gwajin don su wanke kansu. A nan ne aka yi tuntuɓe da alheri.

Maganin da ke zubar da suga ta fitsari

Kowace rana ƙodar mutum tana tace kusan giram 180 na suga daga jini, sannan ta mayar da shi kusan duka, ta wata ƙofa da masana ke rubutawa SGLT2. Tun a 1835 aka samo wani sinadari a ɓawon itacen tuffa da ke toshe irin wannan ƙofa. Magungunan zamani na wannan gida, irin su emfagiliflozin, dafagiliflozin da kanagiliflozin, jikokinsa ne. Ƙwaya ɗaya a rana kan sa mai ciwo ya fitar da giram 60 zuwa 80 na suga ta fitsari, tare da ɗan gishiri da ruwa.

A watan Satumban 2015, a wani taron likitocin suga a birnin Stockholm, aka bayyana sakamakon gwajin emfagiliflozin a kan mutane 7,020 masu ciwon suga waɗanda jijiyoyinsu suka riga suka kamu. Cikin kusan shekara uku, a kowane mutum 1,000 da suka sha ƙwayar bogi, 83 sun rasu. A cikin 1,000 da suka sha maganin, 57 ne. Mutuwa ta dalilin zuciya ta ragu da kashi 38 cikin 100, kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya ta ragu da kashi 35.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, bambancin suga tsakanin rukunonin biyu ɗan kaɗan ne, kuma amfanin ya fara bayyana cikin watanni, tun kafin a ce wani tudun kitse ya motsa. Bayanin da aka fi karkata gare shi shi ne maganin yana rage wa zuciya kayan ruwa da gishiri, yana sauke hawan jini kaɗan, yana kuma sassauta matsin da ke cikin matatar ƙoda. A 2019 aka gwada dafagiliflozin a kan masu gazawar zuciya, fiye da rabinsu ba su da ciwon suga ma, ya yi musu aiki iri ɗaya. Don haka ƙarfin wannan gida yana ga zuciyar da ta fara gajiya, mai sa haki da kumburin ƙafa, da kuma ƙodar da ta fara zubar da sinadarin gina jiki. A kan shanyewar ɓarin jiki kuwa ba su nuna wani tasiri ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna a 2021.

Allurar da asalinta ƙadangare ne

Gida na biyu daga hanji labarinsa ya faro. Idan mutum ya ci abinci, hanji kan saki wani sinadari da ake rubutawa GLP-1, wanda ke sa a fitar da insulin daidai buƙata, ya rage saurin fitar abinci daga tumbi, ya gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Matsalarsa ita ce cikin minti biyu jiki ya rusa shi. A 1992 wani likita a birnin New York, John Eng, ya ba da rahoton wani sinadari mai kama da shi, mai daɗewa, a dafin wani ƙadangaren hamadar Amurka. Daga nan aka samu allura ta farko a 2005.

A 2016 gwajin liragulutayid a kan mutane 9,340 ya nuna raguwar bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da mutuwar zuciya a haɗe da kashi 13 cikin 100. Semagulutayid da dulagulutayid, waɗanda ake yi sau ɗaya a mako, su ma sun nuna amfani, har da raguwar shanyewar ɓarin jiki. Su amfaninsu a hankali yake fitowa, bayan shekara ko fiye, abin da ya yi daidai da maganin da ke aiki a kan shi kansa bangon jijiya: ƙiba ta ragu, hawan jini ya sauka, kumburin bango ya lafa. Illarsu da aka fi gani ita ce tashin zuciya da amai a makonnin farko, shi ya sa ake farawa da kaɗan. Suna da tsada ƙwarai, alƙaluman da ba a buɗe ba suna buƙatar firji, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun semagulutayid da aka kama a wasu ƙasashe.

Sauran magungunan fa? Metfomin, tsohon hannu mai araha da aka fara ba masu suga a Faransa a 1957, ya rage bugun zuciya da kashi 39 cikin 100 a wani ƙaramin rukuni na masu ƙiba a binciken Birtaniya. Hujjar ba ta kai ta sababbin ƙarfi ba, amma ba ya faɗar da suga ƙasa, ba ya sa ƙiba, shi ya sa har yanzu da shi ake farawa. Insulin, gilimefirayid da sitagilibtin suna sauke suga, kuma gwaji ya nuna ba sa ƙara wa zuciya haɗari, ba sa kuma rage shi. Fiyogilitazon yana rage maimaituwar shanyewar ɓarin jiki, amma yana tara ruwa a jiki, don haka ba a ba mai gazawar zuciya. Gilibenkilamayid, wanda ya cika kemis-kemis saboda arharsa, shi ne ya fi faɗar da sugan tsofaffi.

A koma ga mai shagon atamfa

A ce an yi masa gwaje-gwaje, aka samu HbA1c ɗinsa kashi 7.6, hawan jini 152/94, LDL 3.6 mmol/L, fitsarinsa kuma da ɗan sinadarin gina jiki. Da likita ya taɓa bayan ƙafarsa ta hagu bai ji bugun jini ba. Metfomin da gilibenkilamayid yake sha.

A cikin waɗannan lambobi, ta sugan ce mafi ƙarancin damuwa. Abin da likita zai fara rubutawa shi ne maganin kolestarol na gidan sitatin, misali atobastatin miligiram 40, domin duk sauke LDL da 1 mmol/L yana rage manyan haɗurran jijiya da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma ga wanda jijiyarsa ta riga ta kamu ana son lambar ta koma ƙasa da 1.8. Sai maganin hawan jini irin lisinofiril, mai kare ƙoda, da nufin a sauko ƙasa da 130/80. Tunda cutar ta bayyana a ƙafa, ƙaramin asfirin ma yana da gurbi, in babu gyambon ciki. Idan yana shan taba, barinta ya fi kowace ƙwaya. Za a kuma ce masa ya riƙa tafiya kullum har ciwon ya fara, ya huta, ya ci gaba, domin hakan yana ƙara nisan da ƙafar za ta iya.

Bayan an auna ƙarfin ƙodarsa, sai a ƙara emfagiliflozin miligiram 10 ko dafagiliflozin miligiram 10, a rage gilibenkilamayid don kada sugan ya faɗi. In da hali, allurar mako-mako ta dace da irin cutarsa. In kuɗi ya gaza, sitatin da maganin hawan jini ne ba za a bari ba, kuma su ne mafi araha. Wani bincike a ƙasar Denmak ya nuna darajar wannan haɗin gwiwa tun kafin sababbin magungunan su zo: mutane 160 aka raba biyu, rabin da aka kula da sugansu, hawan jininsu da kolestarol ɗinsu lokaci guda suka samu kusan rabin haɗarin sauran cikin shekara takwas. Da aka waiwaye su bayan shekara 21, sun fi sauran tsawon rai da kusan shekara takwas.

Sabuwar ƙwayar tana da sharuɗɗa da ya kamata a gaya masa baki da baki. Fitsari mai suga yana jawo ƙaiƙayin gaba, musamman ga mata, kuma tsarki da ruwa bayan kowane fitsari yana rage shi. Idan aka gwada fitsarinsa aka ga suga fal, aikin maganin ne, ba lalacewar ciwo ba. A makonnin farko lambar ƙoda kan ɗan sauka sannan ta daidaita. Ranar da amai, gudawa ko zazzaɓi mai hana cin abinci ya kama shi, zai ajiye ƙwayar da metfomin da lisinofiril har ya warware, haka ma ƙwayar kwana uku kafin tiyata, domin a irin wannan yanayi jini kan iya yin tsami ko da na'ura ta nuna suga bai hau ba. Alamun su ne amai, ciwon ciki da numfashi da sauri. Ƙafarsa kuma zai riƙa dubawa kowane dare, har tsakanin yatsu, kuma mai gyambon da bai warke ba sai likita ya auna kafin ya ba shi.

Sai batun azumi. A zafin Kano, Sakkwato ko Damagaram, ƙwayar da ke ƙara fitsari kan iya busar da mai azumi, don haka ba a fara ta gab da watan Ramadan. Wanda ya riga ya saba da ita yakan mayar da shanta lokacin buɗa-baki, ya sha ruwa sosai kafin sahur, in likita ya amince ya yi azumin. Gilibenkilamayid kuwa ana son a canza shi tun a Sha'aban, saboda yana iya kayar da mutum da la'asar. Duk mai azumin da ya gwada ya ga 3.9 mmol/L ko ƙasa da haka, shawarar likitoci ita ce ya karya nan take.

Bayan wata uku mai shagon zai koma asibiti da takardu huɗu maimakon ɗaya: ta HbA1c, ta kolestarol, ta ƙoda da fitsari, da littafin da yake rubuta awon hawan jininsa. Likita zai sa ya cire takalmi da safa ya hau gado, ya lalubi bugun jini a bayan ƙafa da gefen idon sawu, sannan ya tambaye shi ko har yanzu yana tsayawa a gindin kantin nan kafin ya isa masallaci, kuma sau nawa.